Wuta da duhu a wuri guda: siffofin Aljanna da Wuta zahiri ne ko misali?

Dan_Tsangaya: Assalamu alaikum. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a yi mini fassarar da ban yi ba. Jiya muna hira da wani abokin aikina Kirista, sai ya ce a wajensu an siffanta gidan azaba da wuta, an kuma siffanta shi da matsanancin duhu, to tunda wuta haske take bayarwa, shi yana ganin duka biyun misali ne. Na buɗe baki zan ce mu namu ba haka ba ne, sai na tuna ayar Suratu Muhammad da ta kawo ƙoramun ruwa da madara da giya da zuma, da kalmar "masalu" ta fara. Shin idan mutum ya ce siffofin nan misali ne, ya ƙaryata su kenan? Ina iyakar take?

Abu_Hafsa: Wa alaikumus salam. Aljanna gaskiya ce, Wuta gaskiya ce. Abin da Allah ya ce haka yake. Ka rufe wannan ƙofar, ba ta kai mutum ko'ina sai halaka.

Dan_Tsangaya: Malam Abu Hafsa ai ban ce ba gaskiya ba ce. Tambayata a kan siffofin take.

Malam_Mai_Nahawu: @Dan_Tsangaya, matsalar tana cikin kalmar "misali" ɗin, domin abu biyu muke nufi da ita ba tare da mun lura ba. Idan na ce wa yaron da bai taɓa ganin teku ba, "teku kamar tafki ne da ba ka hango ƙarshensa," misali na yi masa, amma tekun yana nan, kuma ya fi abin da na faɗa. Idan kuma na ba shi tatsuniyar gizo don ya daina ƙarya, nan ma misali ne, amma babu wani gizon da ya yi magana. Na farkon kusanto da abin da yake akwai ne, na biyun ƙirƙira ce don tarbiyya.

Malaman Sunna ba su taɓa jin tsoron na farkon ba. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa babu wani abu a Aljanna da ya yi daidai da na duniya sai sunaye. Ga hadisin kudusi a Buhari da Muslim: abin da ido bai taɓa gani ba, kunne bai taɓa ji ba, bai kuma taɓa ɗarsuwa a zuciyar ɗan Adam ba. Ka duba ita kanta ayar da ka kawo, ta 15. Madara ce amma ɗanɗanonta ba ya canzawa, ruwa ne amma ba ya wari. A Saffat an ce giyar ba ta gusar da hankali. Wato ana ba ka sunan da ka sani, sannan a cire masa aibin da ka san shi da shi. Kuma da yawa daga masu tafsiri sun fassara "masalu" a nan da "siffa", ba tatsuniya ba.

Rigimar tana kan na biyun, mai cewa babu jiki, babu ci, babu sha, an dai faɗa ne don jama'a su ji tsoro su gyara hali.

Hajiya_Malamar_Tarihi: Allah ya saka, Malam. Wannan rigimar ma tana da suna da shekaru. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta a wata risalarsa cewa ni'ima da azabar gaskiya na rai ne, siffofin jiki kuma an kawo su ne daidai fahimtar gama-garin mutane. Sai Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya tattara mas'aloli 20 da yake sukar masana falsafa a kansu cikin littafinsa Tahafut, ya ce uku ne kawai ke fitar da mutum daga addini: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa dalla-dalla ba, da musun tashin jiki. Kun ga tamu ita ce ta ukun.

Sani_Injiniya: To ai shi kenan, Gazali ɗan zahiri ne. An gama.

Malam_Mai_Nahawu: A'a Injiniya, da sauran magana. Shi ɗin dai ya rubuta Faisalut Tafriƙa, inda ya ce samuwar abu tana da matakai biyar, daga samuwa ta zati har zuwa ta kamance, kuma wanda ya gaskata Annabi (SAW) a ɗaya daga cikin matakan ba za a ce ya ƙaryata shi ba, muddin yana da hujjar da ta sa ya bar zahiri. Ya kawo hadisin da za a zo da mutuwa a siffar rago a yanka ta tsakanin Aljanna da Wuta. Mutuwa ba dabba ba ce, hali ne da ke samun mai rai. To wanda ya ga cewa hali ba ya rikiɗa ya zama jiki, sai ya ce surar rago za a nuna wa mutanen filin, su gani da idonsu, su san cewa mutuwa ta ƙare. Wani kuma ya ce Allah mai iko ne ya mayar da ita rago na haƙiƙa. Duka biyun suna cikin gida.

Sharaɗinsa shi ne ba a barin zahiri sai an tabbatar ba zai yiwu ba. Tashin jiki kuwa babu hujjar hankali da ta hana shi, wanda ya yi farko ba zai kasa na biyu ba. Abin da ya fi ɓata masa rai a maganar masana falsafa shi ne tana nuna annabawa sun faɗi abin da ba haka ba don maslahar mutane. Nan ya ja layi.

Yakubu_Dan_Mawaka: Salama gare ku. Ni Kirista ne, kuma abokin aikin Dan Tsangaya bai faɗi baƙon abu ba, amma bai faɗi duka ba. Duhun yana Matiyu 8:12. Wutar da ba ta mutuwa da tsutsar da ba ta mutuwa suna Markus 9:48, kuma daga ƙarshen littafin Ishaya aka ɗauko lafazin. Agustin, babban malamin Kirista na da, a kashi na 21 na littafinsa Birnin Allah, ya dage cewa wuta ce ta gaske da ke taɓa jiki, har yana kawo misalan halittun da a zamaninsa ake cewa suna rayuwa cikin wuta. Kalbin kuma, ɗaya daga jagororin Furotesta, bayan fiye da shekara dubu, ya ce wutar magana ce ta kamance. Sai dai ku lura, ba don ya sauƙaƙa ba ne. Cewa ya yi babu harshen da zai iya siffanta tsananin fushin Allah, shi ya sa aka ari wuta da cizon haƙora. A wajensa misalin ya gaza ainihin abin.

A 1999 Fafaroma John Paul na Biyu ya ce gidan wuta ya fi nuni ga halin wanda ya raba kansa da Allah da zaɓinsa, fiye da wani wuri. Mutane da yawa suka yi ta cewa Fafaroma ya soke wuta, alhali koyarwar Katolika tana nan kan cewa akwai ta kuma madawwamiya ce, babbar azabarta rabuwa da Allah har abada.

Ummu_Khairat: Wannan na Kalbin ya taɓa ni. Ni kullum idan na ji an ce "misali ne" sai in ɗauka ana neman rage zafin abin ne.

Bature_Ba_Bature: Ku bar wahalar da kanku. Kowace al'umma abin da ke damunta take zubawa a wuta, abin da take kwaɗayi ta zuba a aljanna. Mutanen hamada sun ce inuwa da ƙoramu, azabarsu zafi. Mutanen arewacin Turai na da, gidan matattunsu mai suna Hel sanyi ne da hazo. Yanayin ƙasa ne kawai.

Hajiya_Malamar_Tarihi: Rabin maganarka tana da ƙafa, rabin kuma gurguwa ce. Gaskiya ne ana yi wa mutane magana da abin da suka sani, kuma wannan ba abin kunya ba ne ga mai imani, Alƙur'ani da kansa ya ce ba a aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa. Amma "kawai" ɗin nan taka ba za ta tsaya ba. Addinin Buda a Indiya ya taso, ƙasa mai zafi, amma littattafansu sun lissafa gidajen azaba takwas masu zafi da takwas masu sanyi, inda fata ke tsagewa saboda ƙanƙara. A Musulunci ma akwai zamharir. Hadisin da Wuta ta kai kuka ga Ubangijinta aka ba ta numfashi biyu, ɗaya na tsananin zafi ne, ɗaya na tsananin sanyi. Idan yanayin ƙasa ne kaɗai, me ya kawo sanyi cikin azabar mutanen Hijaz?

Bature_Ba_Bature: Hamada ma ai tana sanyi da dare, Hajiya.

Sani_Injiniya: Hahaha wannan mutumin ba ya faɗuwa ƙasa.

Nura_Mai_Karatu: Ni abin da na karanta shi ne Jahannama asalinta bolar Urushalima ce, inda ake ƙona shara dare da rana, wutar ba ta mutuwa. Shi ya sa Annabi Isa ya yi misali da ita. Kenan tun asali misali ne.

Yakubu_Dan_Mawaka: Ɗan'uwa Nura, ni ma na sha jin wannan a wa'azi, har na taɓa koyar da shi ga matasa kafin in gane. Kwarin gaskiya ne, Kwarin Hinnom, yana kudu da tsohon birnin, kuma daga sunansa na Ibrananci, Ge Hinnom, aka samu Gehenna, wato Jahannama. Amma abin da Littafi ya faɗa a kansa ba shara ba ne. Wuri ne da aka riƙa ƙona 'ya'ya hadaya ga gunki. Irmiya 7:31 ya la'anci abin, Sarki Yosiya kuma ya ƙazantar da wurin don a daina, yana 2 Sarakuna 23:10. Labarin bola, mafi daɗewar inda aka same shi shi ne sharhin wani malamin Yahudawa, Dawud Kimhi, wajen shekara ta 1200, fiye da shekara dubu bayan zamanin Yesu. Ranar da na gano haka sai da na koma wa yaran nan na ce su goge abin da suka rubuta. Wani a cikinsu ya ce ai na bolar ya fi daɗin ji.

Malam_Mai_Nahawu: Kuma ko da labarin bolar ya tabbata, Nura, asalin kalma ba ya yanke hukunci kan abin da ake nufi da ita. Firdausi ma masana harshe na danganta ta da tsohuwar kalmar Farisa mai nufin lambun da aka kewaye da katanga, wadda Girkawa suka ara. Wannan ya gaya maka inda aka samo sunan. Bai gaya maka ko akwai abin da aka raɗa wa sunan ba.

Abu_Hafsa: Duk wannan yawon cikin littattafan wasu na mene ne? Me ya rage mana a namu?

Ummu_Khairat: Malam, ai tambayar ta haɗa da su tun farko. Ni dai ina ƙaruwa.

Bari in kawo tawa. 'Yata mai shekara tara ta dawo daga karatu tana kuka, an ba su labarin itaciyar zaƙƙum, wai 'ya'yanta kamar kawunan shaiɗanu. Da dare ta ƙi barci, ta riƙe mini hannu tana tambayata yaya kan shaiɗan yake. Na ce ban sani ba, ban taɓa gani ba. Ta ce to malamin ya gani? Na ce a'a. Ta ce to ta yaya aka ce "kamar"? Wallahi na rasa amsa, sai na ce ta yi addu'a ta kwanta.

Malam_Mai_Nahawu: Ummu Khairat, ki gaishe mini da malamar nan taki, domin tambayar da ta yi an yi wa Abu Ubaida ita a Bagadaza fiye da shekara 1,200 da suka wuce. Ana ba da labarin cewa wani ya ce masa, ai ana tsoratarwa ne da abin da aka sani, to wa ya san kan shaiɗan? Sai ya ce Allah ya yi wa Larabawa magana ne da salon maganarsu, ya kawo baitin Imru'ul Ƙais da ya kamanta tsinin kibansa da haƙoran dodo, alhali babu wanda ya taɓa ganin dodon. An ce wannan tambayar ce ta sa ya rubuta Majazul Ƙur'an.

Ayar nan, Saffat 62 zuwa 66, ita ce mafi kyawun wurin da za a ga amsar Dan Tsangaya, domin abu biyun suna cikinta a jere. An ce itaciya ce da ke fitowa a ƙasan Jahim, an ce za su ci su cika cikkunansu. Wannan labari ne kai tsaye, babu harafin kamance. Sannan aka ce 'ya'yanta "kamar" kawunan shaiɗanu. Wannan kamance ne, kuma da abin da ba a gani ba aka yi shi, don a taɓo iyakar munin da zuciya ke iya sawwarawa. Wanda ya zauna yana zana kan shaiɗan da ƙaho biyu yana cewa ga yadda 'ya'yan suke, ya wuce nassi. Wanda kuma ya ce tunda akwai "kamar" to babu itaciyar ma, shi ma ya wuce nassi ta ɗaya gefen.

Abin dariya, 'yan zahirin farko a kan wannan ayar mushirikan Makka ne. Su suka ce wuta tana cin itace, ta yaya itace zai tsiro a cikinta? Abu Jahal kuma ya ce zaƙƙum ai dabino ne da man shanu, a kawo a ci. Sun auna da itacen da suka sani da wutar da suka sani. Irin awon ne abokin Dan Tsangaya ya yi da wuta da duhu, sai dai shi ya fita ta ƙofar misali, su suka fita ta ƙofar izgili.

Yakubu_Dan_Mawaka: Malam ka ɗan matsa wa ɗan'uwana, amma na ji. Sai dai akwai inda nassin da kansa yake tura ka ga alama. Ru'ya ta Yohanna sura 21 ta ce sabuwar Urushalima tsawonta da faɗinta da tsayinta duka ɗaya ne, awo 12,000 na zamanin, kusan kilomita 2,200 kowane gefe, har sama. Ƙofofi 12, harsasai 12, katanga kamu 144, wato 12 sau 12. Titin zinariya ne amma garau kamar gilashi. Wanda ya san cewa Wuri Mafi Tsarki a haikalin Sulemanu shi ma tsawo da faɗi da tsayinsa ɗaya ne, kamu 20, zai gane me ake faɗa: birnin gaba ɗaya ya zama wurin da Allah yake zaune. Akwai masu lissafa mutum nawa zai ɗauka a kowane bene. Ni ina ganin sun ɓata lokacinsu.

Sani_Injiniya: Kilomita 2,200 a tsaye? Tashar sararin samaniya ma kusan kilomita 400 take. Ni dai ba zan sa hannu a wannan zanen ba.

Zee_Falsafa: Abin da ba a taɓo ba shi ne tsawon zama, kuma a ganina ya fi zafi ko sanyi muhimmanci. Hoton wuta kusan iri ɗaya ne ko'ina, amma aikinsa ya bambanta. A Mishna, littafin dokokin Yahudawa, an ce hukuncin miyagu a Gehinnom, wato Jahannama, wata 12 ne, shi ya sa ɗa ke yi wa mahaifinsa addu'ar Kaddish wata 11 kawai, don kada ya nuna uban nasa cikakken mugu ne. A wajen mabiya Buda ko Abici, mafi munin gidajen, yana ƙarewa idan alhakin ya ƙare, sai a sake haihuwar mutum. Hindu ma haka, har aljannar tasu ƙarewa take, littafinsu Gita ya ce idan ladan ya ƙare sai a dawo duniyar masu mutuwa. Wutar da ke wankewa da wutar da ke dawwama ba abu ɗaya ba ne ko da an siffanta su da kalmomi iri ɗaya.

Hajiya_Malamar_Tarihi: Ƙanwata Zee, ƙaramin gyara: wata 12 ɗin ba na kowa ba ne, Talmud, babban littafin malaman Yahudawa, ta ware wasu da ta ce ba za su fita ba. Amma kin yi gaskiya a jigon. Kuma su ma suna da tasu rigimar ta zahiri. Akwai maganar wani malaminsu mai suna Rab a Talmud cewa a lahira babu ci babu sha, salihai na zaune da kambi a kawunansu suna jin daɗin hasken Ubangiji. Musa bin Maimun, da ya rasu a 1204, ya ce kambin nan ilimin da suka samu ne. Aka zarge shi da musun tashin matattu har sai da ya rubuta risala ta musamman yana kare kansa. Kusan abin da ya faru tsakanin Gazali da mutanen Ibn Sina.

Nura_Mai_Karatu: To Muhammad Iƙbal, mawaƙin nan masanin falsafa, fa? Shi ma ai Musulmi ne, ya ce Aljanna da Wuta halaye ne ba wurare ba.

Malam_Mai_Nahawu: Ya faɗa, a laccocinsa da aka buga a 1930, kuma malamai da yawa ba su karɓa ba. Ni abin da ke hana ni bin sa Nisa'i 56 ce: duk lokacin da fatunsu suka nuna sai a canza musu wasu don su ɗanɗani azaba. Idan hali ne na rai zalla, me ya kawo zancen canza fata da dalilin canzawar? Amma kuma Tauba 72, bayan ta gama lissafa gidaje da ƙoramu, cewa ta yi yardar Allah ce mafi girma. Kenan na rai ɗin yana nan, shi ne ma a sama, bai dai kore na jikin ba.

Zee_Falsafa: Allah gafarta Malam, mai bin Iƙbal zai ce maka fatar ma hoto ce na azabar da ba a sabawa da ita. Da me za ka hana shi, tunda ka yarda rago zai iya zama hoto?

Malam_Mai_Nahawu: Da sharaɗin Gazali: a rago akwai abin da ya tilasta, a fata babu.

Zee_Falsafa: Wa ke yanke cewa abu ya tilasta? Ibn Sina ma gani yake hujjarsa ta tilasta.

Abu_Hafsa: Kun gani ko? Abin da na faɗa tun farko kenan.

Dan_Tsangaya: Ni dai gobe zan koma wa abokina da zancen Agustin da Kalbin, in ji wanne yake bi. Malam Yakubu, wutar da Agustin yake nufi tana da haske ko babu? Don a nan muka tsaya da shi.

Ummu_Khairat: Na karanta wa yarinyar amsar Malam Mai Nahawu. Ta ce to shi dodon yaya haƙoransa suke.